Naira 1,450 suka nema, 187,000 suka kwashe

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, ina sayar da jakunkuna da takalma a gida. Makonni uku da suka wuce na yi odar kaya daga Chaina ta waya, na biya kuɗin gaba ɗaya. Shekaranjiya saƙo ya shigo min wai kayana sun iso amma an riƙe su, sai na biya naira 1,450 kuɗin kwastam cikin awa 24, in ba haka ba a mayar da su. Na danna linkin, shafi ya buɗe da tambarin kamfanin aika saƙo. Na sa lambar katina da lambobin bayansa da PIN. Banki ya turo min lamba, na sa, shafin ya ce ba ta yi ba. Aka sake turo wata na sa, sai da na yi sau uku. Can sai alat ya fara shigowa: 50,000, sai 87,000, sai wata 50,000. Naira 120,000 daga ciki kuɗin adashenmu ne, ni ce uwar adashe, kuma ranar Juma'a za a sake zubi a asusun nan. Ban je banki ba don na ga babu abin da ya rage. Jiya wani ya kira ni ya ce daga banki yake, sun ga abin da ya faru, zai mayar min da kuɗina in na karanta masa lambar da za a turo. Na ce zan kira shi. Maigidana bai sani ba, kunya nake ji. Anti, in kira mutumin? Kuɗin za su dawo? Kayana fa?

Wata ƙanwarki, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya mayar miki da alheri.

Kada ki kira shi, kuma in ya sake kira kada ki tsaya musu da shi, ki kashe kawai. Shi ne ɓarawon, ko abokin aikinsa. Ki tambayi kanki ta ina ya san an cire miki kuɗi alhali ba ki kai ƙara ko'ina ba. Mayar da kuɗi cikin asusu ba ya buƙatar wata lamba daga bakin mai asusun, lambar asusu kaɗai ta isa, kuma bankinki ya riga ya san ta. Lambar da ake turowa a waya aikinta ɗaya ne, buɗe ƙofa don kuɗi su fita ko don a shiga asusu daga wata wayar. Duk wanda ya ce ki karanta masa ita, abin da yake nema ke nan, ko da muryarsa ta fi ta limamin unguwa natsuwa.

Abu na biyu shi ya fi tayar min da hankali, kuma ina so ki yi shi kafin ki ƙarasa karanta amsar nan. Katinki yana nan da ransa. Asusun ne ya bushe, amma lambar katin da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun da ke bayansa da PIN duk suna hannunsu, kuma suna aiki. Ranar Juma'a mata za su zuba kuɗi a rijiyar da ɓarawo ke riƙe da gugarta. Ki toshe katin yau. Yawancin manhajojin banki suna da wurin toshe kati, bankuna kuma suna da lambar da ake dannawa a waya ko da babu data, sannan akwai lambar kiran da aka buga a bayan katin kansa. Waccan ta bayan katin za ki kira, ba wadda ta kira ki jiya ba, ba kuma wadda za ki gani a ƙarƙashin wani rubutu a Facebook ba. Canza PIN kaɗai ba zai wadatar ba, domin akwai shafukan da ke cire kuɗi da lambar kati da lambobin baya kawai. Katin ne zai mutu gaba ɗaya, a ba ki sabo mai sabuwar lamba. Kafin nan ki gaya wa 'yan adashe su dakata da turo kuɗi, ko su kawo a hannu.

Yanzu bari in nuna miki abin da ya faru a mintunan nan, domin sai kin gane shi za ki iya yi wa banki bayani yadda ya kamata. Ki buɗe alat ɗinki ki duba, a cikin abin da kika lissafa min babu 1,450. Ba a taɓa cire ta ba, don ba ita ake nema ba. Shafin da kika buɗe ba ya karɓar kuɗi ko kaɗan, fom ne kawai da ke miƙa duk abin da kika rubuta ga wani mutum, ko wata na'ura da ya saita, a daidai wannan lokacin. Kina rubuta lambar kati, shi yana kwafe ta yana sawa a wani shafi na gaske inda ake biyan kuɗi, misali wurin loda asusun caca ko wata jakar kuɗi ta intanet ko sayen abin da za a iya sayarwa nan take. Ya rubuta 50,000. Bankinki ya ga ana son cire kuɗi daga katinki, sai ya yi aikinsa, ya turo miki OTP don ya tabbatar ke ce. Ke kuma kina jiran lamba don ki biya 1,450, sai kika ɗauka taki ce, kika sa a shafin bogi, ta wuce hannunsa, ya ƙarasa cinikinsa. Rubutun da ya ce lambar ba ta yi ba ƙarya ce da aka riga aka shirya. Ta yi sarai. An ce miki ba ta yi ba ne don ki jira ta biyu, ta biyun kuma ita ce ta 87,000. Lamba uku kika ba da, sau uku aka cire. Da asusun na da sauran kuɗi, da shafin ya ci gaba da cewa ba ta yi ba har sai kin gaji.

Ki koma kan saƙonnin OTP ɗin nan uku ki karanta su a tsanake. Wasu bankunan suna rubuta adadin kuɗin da sunan wanda za a biya a cikin saƙon. Idan naki yana yi, za ki ga 50,000 a rubuce tun kafin ki sa lambar. Ba don in ɗora miki laifi na faɗa ba, kusan kowa lambobi shidan yake kallo ya bar sauran rubutun, ni ma da haka nake yi. Na faɗa ne don sunan da ke ciki zai yi miki amfani a banki, kuma don daga yau ki riƙa karanta saƙon tun daga farkonsa.

Akwai dalilin da ya sa neman PIN bai ba ki tsoro ba, kuma ban cika jin masu wayar da kai suna faɗinsa ba. A Najeriya shafukan biyan kuɗi na gaskiya ma sukan nemi PIN na kati, sannan su nemi OTP. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin makaranta ko na jarrabawa ko ya sayi kaya da katinsa ya saba da wannan jerin: lambar kati, ranar ƙarewa, CVV wato lambobi ukun baya, PIN, OTP. Saboda haka gargaɗin nan na cewa kada ka taɓa sa PIN a intanet ba ya shiga kunnen mai kasuwanci irinki, don kin san kina sawa kullum kuma lafiya lau. Tambayoyin da shafi ke yi ba su ne ke bambance na gaske da na bogi ba. Abin da ke bambance su shi ne ta wace ƙofa kika shiga. Idan ke kika buɗe manhajar da kika yi oda, kika zaɓi kaya, kika danna biya, to ke kika je wurinsu. Idan kuwa saƙo ne ya same ki ya ce bi nan, wani ne ya zaɓa miki hanya, kuma ba ki san inda ta nufa ba.

Ƙanƙantar kuɗin ita ce ƙugiyar. Da sun ce 45,000, da kin ajiye wayar kin kira wani kin tambaya, ko kin jira maigida ya dawo. Amma 1,450 ba ta kai a yi shawara a kanta ba, mutum yana jin kunyar ya tsaya bincike a kan kuɗin da bai kai na cefanen rana ɗaya ba, ga kaya na dubbai wai za a mayar. Sai kuma awa 24 da suka gindaya, don kada ki samu sararin yin tunani.

Na san abin da ke cin ranki shi ne yadda aka yi suka san kina jiran kaya. Mafi yawan lokuta ba su sani ba. Saƙo ɗaya suke watsa wa dubban lambobi a tare, kamar mai jefa koma a kogi. Wanda bai yi odar komai ba zai goge ya wuce, wadda kuma take ƙirga kwanaki tana jiran kwali za ta ga kamar da ita ake. Ki sake duba saƙon. Ya ambaci sunanki? Ya faɗi abin da ke cikin kayan, ko shagon da kika saya, ko lambar bin sawu da ta yi daidai da wadda ke cikin manhajarki? Ina kyautata zaton babu ko ɗaya. In kuwa akwai sunanki da adireshinki, to bayananki sun fita daga wani wuri a kan hanya, kuma hakan na faruwa, amma bai mayar da saƙon gaskiya ba. Haka ma sunan kamfani da ya fito a saman saƙo a maimakon lambar waya ba shaida ba ne. Ana iya ƙirƙirar sunan mai aikowa, wani lokaci har saƙon bogi ya faɗa cikin jerin saƙonnin gaskiya da kamfanin ya taɓa turo miki. Tambari kuwa hoto ne, ɗan sakandare ma zai kwafe shi.

Abin da ya fi wuyar kwaikwayo shi ne adireshin shafin, in kin san inda ake dubawa. Shafin hukumar kwastam ta Najeriya da na gidan waya suna ƙarewa da `.gov.ng`, wato:

```
customs.gov.ng
nipost.gov.ng
```

Masu damfara sun san mutane sun fara gane wannan, sai su jera sunan a gaba su ɓoye nasu a baya. Ga misalin da na ƙirƙira don ki ga salon:

```
nipost.gov.ng.biya-kaya.top/ng
```

Ki nemo alamar `/` ta farko bayan sunan, ki karanta abin da ke dab da ita ta hagu. A nan `biya-kaya.top` ne, shi ne mai gidan. Duk abin da ke gabansa ado ne da mai shafin ya rubuta da hannunsa, yana iya sa sunan kowace hukuma da ya ga dama. Wani lokaci kuma harafi ɗaya za su canza a sunan kamfani, ko su gajarce linkin yadda ba za a ga komai ba sai an danna. A fuskar waya ƙarama, ga ido ya gaji, ba kowa ke lura ba, shi ya sa ban dogara da wannan dubawar ita kaɗai ba. Na fi son a ƙi dannawa tun farko.

Kada kuma ki fita daga nan da tunanin cewa duk kuɗin da aka nema kan kaya damfara ce, don wata rana za ki bar kayanki na gaske su yi ta zama a sito. Kuɗin fito gaskiya ne, kamfanonin aika saƙo na ƙasa da ƙasa sukan biya wa mutum harajin kwastam su nemi ya mayar musu kafin su miƙa kaya, wasu ma ta saƙon waya suke sanarwa. A gidan waya ma akan biya ɗan wani abu lokacin karɓar kaya. Bambancin shi ne na gaske yana da lambar kayanki, yana da takardar lissafi da ke nuna yadda aka samo adadin, ana ba da rasit, kuma za ki iya tabbatar da shi ba tare da taɓa saƙon ba. Hanyar ita ce ki buɗe manhajar da kika yi oda ki kwafo lambar bin sawun kayan. Idan ta gidan waya suka biyo, lambar takan zo da haruffa biyu, lambobi tara, sai haruffa biyu na ƙasar da aka aiko, kamar `RR123456785CN`, inda `CN` ke nufin Chaina. Manyan shagunan intanet kuma sau da yawa suna da nasu kamfanonin jigila da irin tasu lambar. Ko wacce ce, ki rubuta adireshin kamfanin da hannunki ko ki duba a cikin manhajar, ki sa lambar, ki ga abin da ta ce. In da gaske an riƙe kaya don kuɗi, a can za ki gani. In ba ki gamsu ba ki taka zuwa ofishinsu da lambar a hannu.

Akwai kuma abin da ya kamata mai sana'a irin taki ta sani. Tun watan Satumba na 2025 hukumar kwastam ta Najeriya ta fara aiki da tsarin yafe haraji ga ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, waɗanda suka shigo ta kamfanonin aika saƙo ko a jakar matafiyi, har sau huɗu a shekara ga mutum ɗaya, matuƙar ba haramtattun kaya ba ne. To in odarki ba ta kai haka ba, saƙon da ke neman kuɗin kwastam ya riga ya zama abin tuhuma tun daga kalmarsa ta farko. Kuma ko da haraji ya hau kan kaya, lissafa shi ake yi daga darajarsu da nau'insu. Ba a yanka wa kowa da kowa 1,450 kamar kuɗin shiga gidan biki.

Maganar dawowar kuɗi, ba zan yi miki daɗin baki ba. Abu ne mai wuya, kuma kowace rana da ta wuce tana ƙara masa wuya. Dalili biyu ne. Na farko, a idon na'urar banki ke kika amince da cirewar, tunda an sa PIN daidai an sa OTP daidai, wannan kuwa yana raunana ƙorafi idan aka kwatanta da wanda aka cire masa kuɗi ba tare da ya ba da komai ba. Na biyu, irin waɗannan kuɗin ba sa kwana a inda suka sauka, nan da nan ake rarraba su zuwa wasu asusun ko a cire a hannun masu POS. Duk da haka akan dace. Idan bankinki ya sanar da kamfanin da kuɗin suka bi ta hannunsa da wuri, aka tarar da saura a can, ana iya daskarar da shi. Kwana biyu sun riga sun tafi, kada ki bari na uku ya bi su.

Gobe da safe ki je reshen bankinki da kanki, da katin shaida. Kafin ki fita ki ɗauki hoton saƙon farko yadda linkin da lokacin shigowarsa za su fito, da saƙonnin OTP uku, da alat uku, da lambar mutumin da ya kira ki da lokacin kiran. Kada ki goge komai don haushi, kuma kada ki sake danna linkin don ki nuna musu. A wurin masu kula da abokan hulɗa ki ce kin zo kai rahoton damfara a kan katinki, ki nemi fom ɗin ƙorafi, ki rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Kada ki ce ba ki san komai ba kawai kin ga kuɗi sun fita. Mutane da yawa suna faɗin haka don kunya, banki kuma yana da rajistar kowace lamba da ya turo da sakan ɗin da aka yi amfani da ita, da sun ga maganarki ta saɓa da rajistar sai ƙorafin ya yi sanyi. Ki rubuta cewa an yaudare ki da shafin bogi da sunan kuɗin kwastam na 1,450, an cire 50,000 da 87,000 da 50,000 ba da nufinki ba. Ki nemi a buga miki bayanin shige da ficen asusun na ranar, a nuna miki sunan inda kowace cirewa ta tafi da lambar shaidarta, ki roƙi su aika wa wancan ɓangaren buƙatar riƙe kuɗin a ranar. Kada ki bar wurin sai an ba ki lambar ƙorafinki, a takarda ko a saƙo. Ƙorafin da ba shi da lamba, in kin dawo bayan mako ɗaya, kamar ba ki taɓa zuwa ba ne.

Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce a fara kai kuka ga bankin mutum a ba shi mako biyu. In lokacin ya cika ba su warware ba, ko amsarsu ba ta gamsar da ke ba, sai ki rubuta wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin ta `cpd@cbn.gov.ng`, ki haɗa da lambar ƙorafin da hotunan nan. Rahoton 'yan sanda ma yana da amfani, bankin kansa yana iya nema, kuma rundunar tana da cibiya ta musamman kan laifukan intanet, ga kuma EFCC da ke da ofishi a nan Kano. Wani lokaci ko an riƙe kuɗi a wancan asusun sai da umarnin kotu ake sakinsu, a nan sai ki auna abin da za ki kashe da abin da za ki karɓo. Abin da ba za ki yi ba shi ne biyan wani wanda ya ce shi gwanin kwamfuta ne zai bi sawun kuɗin ya dawo da su. Lambarki yanzu ta shiga jerin waɗanda suka taɓa faɗawa, irin wannan jerin kuwa yawo yake yi a tsakaninsu. Za ki ƙara samun kira, wani zai ce daga Babban Banki, wani daga hukumar yaƙi da rashawa, kowa da ɗan kuɗin buɗe fayil da zai nema.

Ki tuna da kyau ko shafin ya tambaye ki wani abu bayan na kati. In kin ba da BVN ko NIN ko ranar haihuwa ko kalmar sirrin manhajar banki, ki faɗa wa bankin a zaman nan, ki canza kalmar sirrin da lambar da kike tura kuɗi da ita. In PIN ɗin da kika sa shi kike amfani da shi a wani katin ko wata manhajar kuɗi, can ma ki canza. Idan kuma shafin ya sa kin sauke wata manhaja da sunan bin sawun kaya, wannan ya fi komai haɗari, domin irinta tana iya karanta saƙonnin wayarki ta tura musu OTP ba tare da kin sani ba. Ki cire ta, in kina kokwanto ki kwashe hotunanki da lambobinki a goge wayar gaba ɗaya a sake saita ta, sannan ki canza kalmomin sirri.

Sai maigidanki. Ki gaya masa yau da daddare, kafin ki je banki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma Juma'a ta kusa. Abin da ke ɓata irin wannan magana tsakanin miji da mata ba asarar ba ce, jin ta daga bakin wani ne. Ki zaunar da shi bayan ya ci abinci, ki miƙa masa wayar ya karanta saƙon da idonsa, ki faɗi adadin gaba ɗaya, 187,000, kada ki rage don ki sassauta, gobe a banki zai gani a takarda. Zai iya yin faɗa, ki bar shi ya yi. Amma kunyar nan da kike ji ki rage mata ƙarfi, domin ba kwaɗayi ya kai ki ba, ba a yi miki alkawarin riba ko kyauta ba, kayanki da kika saya da guminki kika je karɓa. Na ga ma'aikatan ofis da 'yan kasuwar da suka shekara ashirin a Kwari sun faɗa wannan ramin.

'Yan adashe ma haƙƙinsu ne su sani, musamman wadda kwasarta ta zo. Ki fara kiranta ita kaɗai kafin sauran, ki nuna mata alat ɗin da takardar banki, ki faɗa mata nawa za ki iya ba ta yanzu da ranar da za ki cika. Malamai suna da bayani kan amanar da ta salwanta, suna duba ko akwai sakaci ko babu, kina iya tambayar wanda kika yarda da shi. Ni dai a ganina ki ɗauki 120,000 ɗin nan bashi a wuyanki ba tare da jiran abin da banki zai ce ba, ki raba shi kashi-kashi gwargwadon ƙarfinki, ki sa a rubuce da shaida. Matan nan su ne masu sayen jakunkunanki kuma su ne masu kawo miki wasu. Kada ki ci bashin manhajojin ba da rance don ki rufe ramin a ɓoye, ruwan da suke ɗorawa da tozarcin da suke yi wa mutum a wayoyin danginsa sun fi wannan asarar ciwo.

Idan za a ba ki sabon kati, ki nemi a raba miki asusu. Kuɗin adashe su zauna a asusun da ba shi da kati ko kaɗan. Na sayayya a intanet ya zama daban, babu komai a cikinsa sai lokacin da za ki biya oda ki tura daidai kuɗin. Da haka tsarinki yake shekaranjiya, da abin da za su samu bai wuce canjin da ya rage ba. Ki tambaye su kuma yadda ake kashe sayayyar intanet a kan kati da yadda ake rage iyakar abin da zai iya fita a rana, bankuna da dama suna da wannan a manhajarsu.

Kayanki kuwa, ina sa ran suna kan hanya lafiya, don saƙon nan ba shi da alaƙa da su. Mako uku ba jinkiri ba ne ga kayan Chaina da aka aiko ta hanya mai araha. Ki buɗe manhajar ki duba inda suke. In ɗan aike ya kira ki ya ce ya iso unguwarku, ki ce ya karanto miki lambar da ke jikin kwalin ki gwada da taki, in kuma ya ce akwai abin biya, sai kwalin ya zo hannunki kin ga sunanki a jiki, ya ba ki rasit.